Fatar Idon 'Yar Autata

Sana'ata dillancin dabbobi ce a kasuwar Mai'adua, kuma ban taɓa ɓoye cewa ina ji da kaina ba. Ko rago ya kai girman maraƙi, sai na ja fatar idonsa ƙasa na duba. In ta yi ja, da jininsa. In ta yi fari, to wani abu na cin shi a ciki, ko mai shi zai rantse da me ba na saye.

A wata damina, gero ya fara fidda kai, zazzaɓi ya kama 'yar autata, tana shekara huɗu. Da la'asar ta yi ta rawar sanyi, can jikin ya ɗauki zafi, daga baya gumi ya karyo mata. Na sa uwarta ta dafa ganyen darbejiya aka yi mata surace. Washegari sai ga ta tana bin kaji a tsakar gida. Na dubi uwar na ce, “Kin gani ko? Ke da komai sai asibiti.”

Bayan kwana biyu zazzaɓin ya dawo. Aka sake surace, ya sake sauka, ni kuma na ƙara kumbura. Uwar ta ce, “Malam, yarinyar nan fa ba ta cin abinci.” Na ce rigimar auta ce. Haka muka yi sama da mako, yana zuwa yana tafiya, ni ina yabon darbejiya.

Ranar Lahadi da hantsi ina tsakiyar cinikin wata tunkiya aka aiko mini. Da na isa gida na tarar da yarinyar a cinyar uwarta tana jijjiga, idanu sun juye, haƙora a datse. Mahaifiyata ta ce shafar iska ce, a kira mai ruƙiyya. Maƙwabcinmu malami ne, ya shigo ya yi mata addu'a, sannan ya juyo gare ni. “Addu'a mun yi, kuma za mu ci gaba. Ɗauko babur ku tafi Daura.”

A asibiti wata malamar jinya ta karɓe ta. Abu na farko da ta yi shi ne ta ja fatar idon yarinyar ƙasa. Fari fat. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa kaina. Abin da nake yi wa dabbar mutane kowace kasuwa, ban yi wa 'yata ba.

Bayan sun gwada jini sun yi mata allura ta jijiya, na ce wa malamar ai zazzaɓin yana jin surace, duk lokacin da aka yi sai ya sauka.

Ta ce, “Baba, ko ba a yi ba zai sauka. Ƙwayar cutar da sauro ya zuba mata, hanta ta fara shiga ta hayayyafa, sannan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini. A ciki take ƙaruwa, wajen kwana biyu sai su fashe, sababbi su fito. Fashewar nan ce ke kawo sanyi da zafi. In zazzaɓin ya lafa, sun shiga wasu ƙwayoyin ne suna girma.”

Wato ranakun da nake cika baki, a ranakun ne ake cinye mata jini. Kowane zagaye jinin na raguwa, saifa kuma tana ta kwashe ƙwayoyin da suka lalace, har da wasu masu lafiya.

Na tambaye ta jijjigar fa. Ta ce ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga sukan yi danƙo, su manne a bangon ƙananan jijiyoyi. In a ƙwaƙwalwa suka manne, jini ba ya wucewa sosai, wurin ya kumbura, shi ne jijjiga da dogon suma. Ta ƙara da cewa yarinyar na bukatar jini yau ɗin nan.

Aka gwada nawa ya yi daidai. Ni da nake tsoron allura kamar me, nan take na miƙa hannu. Leda ɗaya suka ɗiba.

Kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Da uwarta ta zage ni ma, da ya fi mini sauƙi. A rana ta uku, bayan azahar, yarinyar ta buɗe ido, ta dubi uwarta ta ce tana son fura. Na fita bayan ɗakin na yi sujada a kan siminti, na yi kuka, ban damu da masu wucewa ba.

Aka sallame mu da ƙwayoyi na kwana uku, aka ce ko ta tashi tana tsalle sai ta shanye su duka. Ni da kaina na riƙa ba ta.

Ta yi watanni tana gudu na, don duk inda na gan ta sai na kamo ta na ja fatar idonta. Wata safiya ta fizge ta ce, “Baba, ni ba tunkiya ba ce.” Uwarta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni dai na riga na gani, fatar idon ta yi ja.