Hatimi Biyu Kan Shekarar Usaini

Usaini mai allurar dabbobi ne a Dogon Dutsi. Daga nan har Sukukutane makiyaya sun san ƙarar babur ɗinsa, sun kuma san shi da gajen haƙuri: in saniya ta ƙi tsayawa, mai ita yake yi wa faɗa. Ya daɗe yana neman ƙarin karatu, sai wata makarantar likitan dabbobi a Masar ta ba shi gurbi. Sharaɗinsu shi ne ya aiko da takardar haihuwarsa kafin buɗe makaranta, da hatimin ma'aikatar harkokin waje ta Yamai, sannan na ambasadin Masar, wato ofishin jakadancinsu, a kai.

Ya tafi mariyar garin da aka haife shi, wato ofishin magajin gari, ya karɓo sabon kwafi, mataimakin magajin gari ya sa hannu. Sai da ya dawo gida matarsa Bushira ta duba ta ga an buga 1969 a gurbin 1996. Ta ce ya koma a gyara. Shi kuwa ya tuna yashin hanyar, ga damina ta kankama, ga lokaci ya ƙure. Maƙwabcinsa Siméon, mai gyaran famfo, ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, ya ce ai takardar da Yamai ta buga wa hatimi ta zama gaskiya ke nan, babu mai sake tambaya. Usaini ya ji abin da yake so ya ji. Washegari ya hau motar Yamai.

A ma'aikatar an karɓi takardar, aka gwada sa hannun mataimakin magajin gari da samfurin da ke wurinsu, ya dace, aka buga hatimi. A ambasadi ma suka duba sa hannun jami'in ma'aikatar suka ɗora nasu. Tsakanin layi da "dawo gobe" ya kwana huɗu a ɗakin wani ɗan garinsu. Ya aika wa makarantar hoton takardar yana jin ya sauke nauyi.

Amsar makarantar gajera ce. Fasfonsa ya ce saurayi ne, takardar haihuwarsa ta ce ya haura hamsin, don haka ba za su yi masa rajista ba sai takardun sun zama na mutum ɗaya.

Ya koma ma'aikatar a Yamai a fusace. Matar da ke bayan tagar, wadda ya ji ana kira Madam Nadège, ta bar shi ya gama. Ya ce su da kansu suka tabbatar da takardar, yaya wata makaranta za ta ƙaryata gwamnati?

"Malam, karanta abin da ke jikin hatimin," in ji ta. "Mun shaida cewa sa hannun nan na wanda ya sa shi ne, kuma shina da matsayin sawa, hatimin mariya ma na gaske ne. Ranar da aka haife ka ba mu muka gani ba."

"To ki gyara mini da biro, ki sake bugawa."

"In na taɓa ta, ta lalace. Inda aka rubuta ta can ake gyara ta. In kuskuren cikin rajista yake, sai an bi ta kotu. In wajen kwafi ne, su ba ka wata, ka dawo mu sake daga farko."

Ya tsaya yana neman wanda zai yi wa faɗa, bai samu ba. Na bayansa a layi ya taɓa masa kafaɗa.

Ruwa ya cinye hanyar garinsu, sai a amalanke ya ƙarasa. Sakataren mariya ya buɗo rajista, ga 1996 rangaɗau. Yatsa ne kawai ya zame wajen buga kwafin. Kafin shayin da aka ɗora ya tafasa an ba shi sabuwa, sai dai mai sa hannu ya tafi ta'aziyya, aka jira shi. Ya sake komawa Yamai, ya sake bin layukan biyu. Ranar da hatimi na biyu ya hau, makarantar ta riga ta ba wani gurbin. Suka ce ya nema baɗi.

Bushira ba ta ce masa "na faɗa maka" ba, shi kuma da ta faɗa da ya fi samun sauƙi. Ya yi makonni ba ya gaida Siméon, har sai da famfon gidansa ya lalace.

Baɗin ya zo, makarantar ba ta ɗauki kowa daga Nijar ba. Usaini yana nan yana allura. Faɗansa bai ragu ba, sai dai yanzu duk makiyayin da ya miƙo masa katin rigakafin garke, sai ya karanta shi tun daga sama har ƙasa kafin ya sa hannu, ko da shanun sun fara watsewa.