Zaren da Na Hana a Yanke

Ni ba mai fita ba ce. A tsakar gidanmu na Bungudu na koyi saƙa wajen Innata, da tsinke biyu da zaren ulu. Ranar da malamar cibiyar mata ta aiko cewa za a zaɓi kayan da za a kai baje koli Gusau, sai da maigida ya tsaya a kaina kafin na yafa gyale. Rigar sanyi ɗaya na ɗauka, ta jikata. Wata biyu na yi a kanta, kuma ina son rigar ta je Gusau.

Mai zaɓen wata Hajiya ce daga ofis, mai fara'a, amma a riƙon da ta yi wa rigar na gane ba ta taɓa saƙa ba. Ta ce in yi bayani malama ta rubuta a kati.

Na ce, "Bakin hannu da ƙugu haƙarƙari ne, idon saƙa biyu gaba, biyu baya. Ja shi ki saki, zai koma. Hannuwan tufka ce, idanu ke ƙetare juna kamar igiya, shi ya sa ta yi kauri. Bayan rigar saƙar sulɓi ce, fuska sumul, ciki gurji-gurji. Ita kaɗai nannaɗewa take a baki, don haka na tare ta da haƙarƙari. Ƙirjin kuma mai zane ne, launi biyu kowane layi, ja da fari."

Ta juya cikin rigar, ta ga zarurrukan da ke kwance a bayan zanen. "Inna, wannan kam ba a gama ba. Malama, kawo almakashi a share su."

Na ɗora hannu a kan rigar. "Hajiya, wagga riga ba a sa mata almakashi."

"Gyara fa za mu yi miki."

"Ja na aiki, fari na bin bayansa har a zo kansa. Zare guda ne, ba saura ba. In kin yanke shi, mi zai riƙe zanen?"

Ta ce to a haka ba za ta je Gusau ba. Matan wurin suka fara taɓa ni, wai in yi haƙuri. Na ce su kai ta yadda take, ko in koma da abata.

A jakata akwai ɗan gwajin zanen da na saƙa, kamar tafin hannu. Na miƙa mata. "Yanki wanga."

Ta yanke zare uku. Na ce ta ja. Tana ja idanu suka zame, rami ya buɗe har yatsanta ya leƙo. Ta daɗe tana kallonsa.

"To a rataye rigar yadda ba za a ga cikin ba."

"Duk wadda ta iya saƙa sai ta juya ta, Hajiya. Can ake duba hannu."

Ta ɗora rigar a kan kayan Gusau. Malama ta tambaye ni me za ta sa a katin. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, har da gurji-gurjin.