Lambar Kawu Badaru

Shekarar Bahijja Tasi'u arba'in da shida, babbar nas ce a sashen ganin likita na wani asibiti a Bodinga. Ita ta rubuta shawarar rage zaman jira: a auna daɗewar kowa, a raba lamba, a daina tsallakar da dangi.

Ana cikin gwajin tsarin kawunta Badaru ya zo daga Shagari.

"Ɗiyata, kaina na juyawa."

"Yi haƙuri, Kawu, sai lambarka ta zo."

Kafin azahar ya faɗi, hawan jini ne. Ya rayu, amma hannunsa ya daina riƙe fartanya. Har yau ta kasa haɗa ido da shi.

Jiya ta karɓo takardar shawarar daga wurin shugaban asibitin, ta ƙara abin da ta manta: a duba kowa tun daga ƙofa, mai tsanani ya fara shiga.