Hoton falon da ba mu share ba

Shekara biyu ina taya yayata tallar aikinta. Ita da mata uku suke sharar gidaje a Madarumfa, galibi na ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, ko gidan da za a kai amarya. Ni ce mai wayar kirki, don haka ni nake ɗaukar hoto kafin a fara da bayan an gama, in haɗa su gefe da gefe in sa a sitatus.

Yaya ta cika takura. In na ɗauki na farko daga bakin ƙofa, to na biyu ma dole daga nan, taga a buɗe duka biyun, kuma sai mai gida ya yarda. Rannan na rufe labule don ɗaki ya ƙara muni, ta sa na goge hoton. Haushi ya ishe ni, don hotunanmu ba sa burge kowa. Tayil ɗin da ruwan rijiya ya ci shekaru yana bar masa tabo, ko hannunka zai tsinke ba ya komawa fari.

Sai wani Alhaji mai motocin kaya a Ɗan Issa ya ce yana neman masu share masa gidan baƙi duk wata. Aikin da zai riƙe su har damina ke nan. Ya ce a turo masa hoto. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗauki hoton wani falo mai ƙura da muka yi aiki, na haɗa da na wani sabon gida da ko tsintsiya ba mu sa masa ba, tayil iri ɗaya, sai walƙiya yake. Na tura. Har na yaba wa kaina.

Ran Asabar muka shiga mota muka je gwaji. Tun hantsi suke durƙushe suna gurza har la'asar. Falon ya yi tsab, amma tabon ruwan nan yana nan a gindin bango. Alhaji ya fiddo waya, ya dubi hoto, ya dubi ƙasa.

“Malama, wanga aiki bai kai na hoto ba. Ko ni ne ba a yi ma da zuciya ɗaya?”

Yaya ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo. Ina ta addu'a a raina ta yi shiru.

“Alhaji, hoton da ke dama ba aikinmu ba ne. Wanga da ka gani a ƙasa shi ne iyakar hannunmu.”

Ya ce aikin ya yi, da shi aka nuna masa tun farko da ya ɗauke su, amma ba ya barin makullin gidansa ga mutanen da suka fara masa da haka. Ya sallame mu.

A mota na kasa haƙuri. “Yaya, da kin yi shiru ai da ya wuce!”

Buɗe tafin hannunta kawai ta yi a kan cinya, ruwan jabel, sinadarin da suke wanke tayil da shi, ya cinye fatar yatsun, sun yi fari sun tsattsage.

“Ke da waya,” ta ce, “ɗauki hoton wanga hannu ki tura mishi.”