Keken ɗinkin da ban saya ba

Shekarun farko bayan samun ƴancin kai, ina tela a Dakoro amma ba ni da keken ɗinki nawa. A kan na maigidana na koyi sana'a, a kansa nake aiki idan ya tashi. Bayan kaka mai albarka, mahaifiyata ta sayar da tumakinta ta ba ni kuɗin, ta ce in nemi nawa.

Wata ranar kasuwa wani Alhaji, ɗan kasuwar Maraɗi mai kai hatsi Najeriya ya dawo da kaya, ya sauke keke a rumfarsa. Baƙi ne wuluk, da zanen ruwan zinariya a wuyansa. Ina ganinsa na ji kamar nawa ne. Na tambayi kuɗi, ya faɗi abin da ya ninka wanda ke aljihuna. Na taya, ya ce albarka. Muka yi ta ja har ya sauko wajen rabi, daidai abin da nake da shi.

"Don kai ne," in ji shi. "Wani tela daga Korahane ya taya da safe, zai dawo bayan azahar."

Hannuna ya riga ya kai aljihu sai kawuna ya iso. Ƙanen mahaifiyata ne, dillalin dabbobi, mutumin da zai dubi saniya sau ɗaya ya faɗa maka ko za ta kai damina. Na yi murna, na ce ya duba mini.

Ya zagaya keken, ya girgiza kai. "Ɗana, idona na shanu ne. Na sayi dubbai, na ga yadda kowace ta ƙare, shi ya sa nake ganewa kafin in yi tunani. Wannan ƙarfen ban taɓa sayen ko ɗaya ba. Kai fa?"

Na ce ni ma haka.

"To zo mu sha hura. Alhaji, a yi mana haƙuri kaɗan."

Na bi shi raina a ɓace, ina waiwaye. Muka zauna inuwa wajen masu nono. Ya tambaye ni me ya sa na ga keken da araha. Na ce an rage mini rabi.

"Rabin me? Rabin maganar da shi ya fara faɗa. Mu ma haka muke yi a kasuwar shanu: ka fara da sama, duk abin da ya biyo baya sai ya yi kama da sauƙi. Da bai ce komai ba, nawa za ka ce ya kai?"

Ban san kuɗin keke a Maraɗi ba, ban san shekarun wannan ba. Sai da na zauna na lissafa abin da na sani, na tarar fenti kawai na gani, sai kuma tsoron mutumin Korahane. Tunanin ya yi mini nauyi, ina so a gama kawai.

Kawu ya ce, "Amma akwai abin da ka sani wanda ni ban sani ba. Shekara nawa ƙafarka na kan keke? Je ka hau."

Muka koma. Alhaji bai hana ba. Na zura zare a allura, na sa ƙyalle, na taka. Tun ƙafata ba ta yi nisa ba na ji wani abu ya tsaya mini a rai. Kukan keken ba daidai yake ba, ko da yake ba zan iya cewa ga inda yake ba. Wannan karon ban yarda da jin kawai ba. Na ninka ƙyallen ya yi kauri, na sake ɗinkawa a hankali, na juya bayansa: ɗinkin yana tsallake. Na canza allura, na sake gyara zare, bai daina ba. Na kifa kan keken na duba ƙasa. Ƙugiyar da ke kama zare ta cinye, tana lilo. A lokacin ba mai sayar da irinta a Dakoro.

Alhaji ya leƙa. Ya ce shi ma a rufe ya saye shi, bai san ɗinki ba, kuma na yarda da shi. Ya ce zai mayar wa wanda ya sayar masa.

Da muka fito, na zauna bakin wata rumfa ina taɓa aljihu. Tumakin mahaifiyata na nan. Kawu ya bar ni na huta, sa'an nan ya wuce wajen shanunsa.

Bayan ƴan makonni na bi motar gyaɗa zuwa Maraɗi. Na zagaya shaguna ina tambayar kuɗi ba tare da na taya ba, na kwana, na koma. Wanda na saya fentinsa ya koɗe, amma ɗinkinsa kamar an ja layi. Da na kawo shi gida, mahaifiyata ta dube shi ta ce bai yi kyau ba. Na ɗinka mata zane a ranar, ta ɗaura ta shiga maƙwabta.