Kwarin da ke Jikin Tayar Dogo

Zailani mai faci ba ya duba taya da ido. Sai ya durƙusa, ya juya fuska gefe, ya ɗora tafin hannunsa a kanta ya bi ta a hankali, kamar mai shafa bayan akuyar da zai saya. Shekara goma sha tara shagona na ɗinki yana manne da rumfarsa a bakin tashar Makoda, don haka na ga wannan shafar har ta ishe ni. Direbobi suka sa masa suna Malamin Duba, kuma in faɗi gaskiya ni na fi kowa kiransa da sunan.

A Kano ya koyi aikin. Yana saurayi ya samu shiga garejin wani kamfanin masaka a Bompai, inda ake kula da motocin ɗaukar ma'aikata. Da kamfanin ya rufe sai ya dawo gida da jak ɗaya, da ƙarafan cire taya, da taurin kai. Ya gaji 'yar gona wadda in ka tsaya a wannan kunyar za ka miƙa wa maƙwabci goro a waccan, ga mata Hure, ga 'ya ɗaya tilo, Rahmatu. Bai taɓa yin arziki ba, bai kuma taɓa yin shiru a inda ya kamata mai neman ciniki ya yi shiru ba.

Abin da yake nema da tafin nan nasa shi ne kwari. Lafiyayyar taya, in ji shi, takan cinye bai ɗaya ko'ina. Amma akwai wadda za ka shafa ka ji tudu, ka ji kwari, ka ji tudu, ka ji kwari, tazarar yatsu huɗu ko kusa da haka, har ka zagayo, sai ka ce an bi ta da ludayi ana kwalfa. In ya ji haka sai ya miƙe ya danna wannan kusurwar motar da dukan ƙarfinsa, ya saki. Motar kirki takan taso sau ɗaya ta tsaya. Wadda shokazobarta ta mutu kuwa sai ta yi ta rawa, sama da ƙasa, sama da ƙasa.

"Ka gani?" yakan ce wa direba. "Shokazoba ce ke danne ƙafar mota a kan hanya. In ta mutu, taya ba ta tafiya, tsalle take yi. Duk inda ta dira sai kwalta ta ɗan gutsure ta. Ba laifin taya ba ne. Ko sabuwa fil ka sa, haka za ta koma."

Da sauran kuɗi a hannun mutane, wasu sukan ji, su tafi wurin makaniki. Sai aka shiga shekarar da aka cire tallafin mai. Kai, wannan shekara! Kuɗin mota ya ninka, fasinja ya ragu, mutumin da ya saba hawa bas zuwa Ɗambatta ya koma ɗaura buhu a keke. Taki ya fi ƙarfin talaka, gero ya fi ƙarfin wanda ya noma shi. A irin wannan hali babu direban da ke son jin labarin shokazoba. Suka fara tsallake rumfar Zailani suna zuwa wurin Usaini a can ƙarshen tasha, wanda in ka kawo masa taya zai liƙe maka ita bai ce uffan ba. Ni kaina na ce masa, "Zailani, kai mai faci ne ko liman? Yi faci ka karɓi abinka." Ya dube ni ya ce hannunsa ba ya iya ƙarya.

Dogo shi ne mijin Rahmatu. Yaro ne mai ladabi, mai sallah a kan lokaci, ya sayar da gadonsa na gona ya sayi tsohuwar bas fara. Ita ke ciyar da shi, da Rahmatu, da 'ya'yansu uku, da tsohuwarsa. Ranar kasuwa yakan loda mata buhunan hatsi har saman rufi, mutane a kan buhuna, domin in bai yi haka ba kuɗin mai ba ya fita.

A farkon damina bas ɗin ta fara kuka. Wani irin gurnani ne daga gaba ta hannun dama, wuu-wuu-wuu, yana ƙaruwa in mota ta ƙara gudu. Daga shagona nakan san Dogo ne tafe tun bai shigo gari ba. Fasinjoji suka tsorata, mata musamman, suka fara cewa sai dai su jira wata motar.

Ya kawo ta wata safiya, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida surukinsa. Zailani ya shafa tayar, na ga fuskarsa ta canza. Ya danna motar, ta yi ta rawa. Ya leƙa ƙasa ya shafo shokazobar, ya fito da yatsu baƙi ƙirin da man da ta daɗe tana zubarwa. Sannan ya ɗaga gaban da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza. Muka ji ƙwas-ƙwas, ƙafar tana motsi a inda bai kamata ta motsa ba.

"Ba shokazoba kaɗai ba ce," ya ce. "Boljoyin ɗin nan ma ya cinye, ƙarfen da ke riƙe ƙafar da jikin mota. Ranar da ya fice daga gurbinsa, ƙafar nan lanƙwashewa za ta yi, sitiyari ba zai yi maka amfanin komai ba."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Baba, na ji. Wallahi na ji. Amma kayan nan sai Kano, kuma in na saye su yanzu, mai ba zai shiga motar ba. A taimaka a canza min tayar kawai, kukan ya tsaya, mutane su dawo. Bayan kaka zan gyara komai."

"Kukan nan shi ke gaya maka gaskiya. In na kashe shi, wa zai gaya maka?"

Zailani ya ƙi. Ya sauke jak ɗinsa, Dogo ya yi godiya kamar an yi masa alheri, ya tafi da kukan motarsa. Dogo bai je wurin Usaini ba, domin Usaini ba shi da tayar da zai ba shi kyauta, kuma kunyar suruki ba za ta bar shi ba.

Mako biyu bas ɗin tana fita rabin cika. Sai ga Rahmatu da kanta da la'asar, goye da ƙaramin, ta tsaya a bayan rumfar inda maza ba sa zama. Tabarma ce kawai tsakaninmu, na ji komai.

"Baba, jiya kunun kanwa muka sha muka kwanta. Yau ma ban ɗora tukunya ba."

Ta gyara goyonta ta ci gaba.

"Kai kake cewa mota za ta kashe shi wata rana. Mu yunwar yau muke ji, Baba."

Ta juya ta tafi. Na leƙa na tarar da shi zaune a kan wilin mota, hannuwansa biyu a tsakanin gwiwoyi. A nan ne na yi maganar da har gobe take ci min rai. Na ce masa ya daina taurin kai, rai a hannun Allah yake, motoci nawa ne ke yawo da abin da ya fi wannan lalacewa?

Akwai wata taya 'yar gwanjo mai kyau da ya daɗe yana ɓoyewa a ƙarƙashin buhu, ita ce mafi daraja a duk rumfar. Washegari ya sa wa Dogo ita da hannunsa. Ya ce masa, "Kasuwa uku na ba ka. Ta huɗu ka wuce Kano ka sayo kaya." Dogo ya rantse.

Kukan ya ɗauke ɗif. Fasinjoji suka dawo, Rahmatu ta aiko wa mahaifinta da tuwo da miyar kuka, har ni na ci. Kasuwa uku ta wuce, ta huɗu, ta bakwai. Mai ya sake tashi, tsohuwar Dogo ta kwanta ciwo, ɗan abin da aka ajiye ya bi ta nan. Kuma tunda mota ta yi shiru, zuciya ma ta yi shiru. Dogo ya koma tsayawa a can gefen Usaini, don kada tafin nan ya kai ga tayarsa.

Ranar wata kasuwa a tsakiyar Agusta, an yi ruwa da safe, yana dawowa daga Ɗambatta da lodi. Waɗanda suka tsira sun ce ba gudu yake yi ba. Ƙafar dama ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe, suka ji ƙara, sai gaban motar ya durƙushe, ta juya ta faɗa cikin gonar dawa. Mutum biyar sun karye. Dogo da wata mata mai sayar da daddawa, Larai, ba a kai su asibiti da rai ba.

Bayan sadakar uku aka jawo gawar motar aka yar a bayan tasha. Zailani ya je, na bi shi. Ƙafar tana nan a lanƙwashe, boljoyin ya fice daga gurbinsa. Tayar kuwa ko fashewa ba ta yi ba, da iskarta. Ya durƙusa ya juya fuska gefe, ya shafa. Ya kamo hannuna ya ɗora a kai. Ni tela ne, amma na ji su: tudu, kwari, tudu, kwari, ƙanana, ba su kai ga yin kuka ba tukuna.

"Da na bar masa tsohuwar," ya ce, "da ba wanda zai hau."

Na ce ƙaddara ce. Ya ce ya sani. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Yanzu Rahmatu da yaranta uku suna gidansa, baki shida a kan gonar da ba ta isar biyu. Ba wanda ke kiransa Malamin Duba. Na zaci direbobi za su ɗauki darasi, amma mai bai sauko ba, kuma darasi ba ya tayar da inji.

Makon jiya Basiru, wani direba mai 'ya'ya biyar, ya kawo motarsa tana irin wannan gurnanin. Zailani ya shafa, ya danna, ta yi rawa. Ya gaya masa komai, bai rage ko kalma ba. Basiru ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Baba, na ji. A dai mayar min da tayar gaban baya, a kawo ta bayan gaba. Bayan kaka zan gyara."

Na tsayar da keken ɗinkina ina jira Zailani ya ƙi. Ƙaramar jikarsa tana zaune a bakin rumfar da kwanon da aka aiko ta da shi daga gida, babu komai a ciki. Zailani ya dube ta, ya goge tafinsa a jikin riga, ya ja jak ya tura shi ƙarƙashin motar.