Jakar da Kasuwa Ta Raɗa wa Suna

A shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, ina da rumfa a kasuwar Karshi, da keken ɗinki guda ɗaya. Tela ne ni, amma ba na manyan riguna ba. Faci nake yi, da wandon noma. Ganin yara na tafiya makaranta da allo da littafi a hannu, ruwa na dukansu, shi ya sa na yanki guntun tsohon tamfol ɗin babbar mota na ɗinka jaka. Ɗinki biyu na yi wa kowane gefe, na ninka gindinta, na sa mata maɗauri da igiya mai faɗi ta ratayawa. Ban sa zif ba, don zif shi ke fara mutuwa, shi ke kuma ƙara tsada.

Sai Allah ya jefo min ɗan wan babana. Akawu ne a wani kamfanin sayar da kaya a Kaduna, ko kuma haka ya ce mana. Mutum ne mai biro uku a aljihun riga, ban taɓa ganin ya yi rubutu da ko ɗaya ba. Ya juya jakar a hannu kamar mai duba akuya, ya ce shi zai kawo tamfol, ni in ɗinka, mu fitar kafin a buɗe makarantu. Ya kawo kuwa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Na ajiye duk aikin mutane, na yi wata biyu ina taka keke har ƙafata ta kumbura. Abincin gidana na shekarar nan kaf yana cikin tulin jakunkunan nan.

Da aka gama ɗinki ya ce saura suna da kirari. Ni a tunanina abin ba wuya. Suna ya zama gajere, wanda za a iya ƙwalawa a kasuwa, wanda ko manomin da Hausa ba harshen uwarsa ba ce zai riƙe daga ji ɗaya. Kirari kuma ya faɗa wa uwa abin da take son ji, wato ba za ta sake sayen wata baɗi ba. Na ce a kira ta Sha Wuya, a rubuta a ƙasa: wa ya gama, ƙane ya gada.

Ya yi dariya har da buga cinya.

"Haba tela! Sha Wuya sai ka ce sunan jaki? Kai ba ka san advatis ba, tallan zamani. Mutum ba ya sayen kaya, buri yake saya. Haka ogana Bature ya koya min."

"Yaya, masu sayen nan matan ƙauye ne. Ƙarko suke tambaya."

"Shi ya sa za mu waye musu kai."

Ya zauna kan bencina yana zubo sunaye kamar mai zubar da shara. Sufa Jet. Tauraron Ci Gaba. Jakar Ofisa. Akwai wani na Turanci da ko shi sai da ya faɗa sau biyu kafin ya fito daidai. Daga ƙarshe ya tsaya kan Wayewa, da kirarin da ya ce ya zo masa a cikin mota: sauke kayan duhu, ɗauki na wayewa. Tun da yawancin iyaye ba sa karatu, ya ce dole a sa hoto. Ya kai wa wani mai rubutun allon shago, aka yanka zanen a jikin gwangwani. A hagu mace ce a sunkuye da ƙwarya a kafaɗa, an gicciya mata layi biyu. A dama yaro ne a miƙe da jakarmu.

Duk wanda ya sha ruwan ƙasar nan ya san matan Gbagyi, wato Gwari, ba sa ɗora kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, don a wurinsu kai ya fi ƙarfin dako, nauyin tunani ya ishe shi. Kuma su ne masu kawo doya da itace kasuwa, su ne za su kwance bakin zane su saya wa yaro jaka. Na san haka fiye da kowa, domin uwata 'yar Gbagyi ce daga wajen Jiwa, kuma da kantar da ke kafaɗarta aka saya min keken da nake takawa.

Na ga zanen. Ban hana shi ba. Har yau in na tuna sai in ji na raina kaina fiye da yadda na raina shi. Shi wawa ne da bai sani ba. Ni kuwa biro uku da kalmar advatis suka rufe min baki. Da hannuna na riƙe gwangwanin yana shafa baƙin fentin mai, jaka bayan jaka, irin fentin da ko sabulun salo ba ya fitarwa.

Ranar kasuwa muka rataye su a gaban rumfa. Ya sa kwat a cikin zafin nan, ya tsaya yana ƙwala kirarinsa. Mata suka riƙa zuwa, su taɓa ɗinkin, su ja igiyar, har su gyaɗa kai. Sai idonsu ya faɗa kan hoton. Ba wadda ta yi faɗa. Kowace sai ta ajiye jakar a hankali, ta gyara ƙwaryarta a kafaɗa, ta wuce. Har la'asar ko ɗaya ba mu sayar ba, kuma waɗanda suka saba kawo min faci ma ba su gaishe ni ba.

Shi kuwa gogan naka ya ce laifin masu saye ne. "Gwarawan nan ba su shirya wa sibilaizeshan ba." Washegari ya tuna ana nemansa a ofis, ya hau motar farko. Ya bar ni da tulin zagi mai igiya.

Innata ta zo kasuwa ta gaba. Labari ya riga ya kai mata. Ta sauke kayanta, ta ɗauki jaka ɗaya ta daɗe tana kallo, ta ɗora yatsa kan matar da aka gicciye, ta tambaye ni da Hausarta da ba ta raba namiji da mace.

"Wannan, wane ne shi?"

"Inna, zane ne kawai."

"Zane ne. To. Ɗinkin ya yi kyau."

Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Makarantu sun kusa buɗewa, ba tamfol na sake wasu. Sai na koma sana'ata ta asali. Na tattara ragowar yankakken tamfol na ɗinke kan kowane hoto da faci, na bar bakinsa na sama a buɗe ya zama aljihun fensir. Ban rubuta komai ba. Na bi matan da na sani rumfa rumfa na ba su haƙuri. Wata ta saya, wata ta biyo baya. Kafin wata ya ƙare sai na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta ta je wurin tela ta karɓo mai faci. Sunan ke nan da ya zauna, har a Wuse da ƙauyukan kewaye. Kirarin ma su suka yi abinsu, wai mai faci ba ta tsoron faci. Da akawun ya ji ana saye, sai ya aiko da wasiƙa yana cewa dama dabararsa ce. Na kunna wutar dutsen guga da ita.

Jaka ɗaya ce ban rufe ba, wadda Inna ta tafi da ita ran nan. Da na je gida na gan ta rataye a ƙusa, daidai inda ido ke faɗawa in an shiga ɗakinta, tana ajiye allura da kanwa a ciki. Na ce ta ba ni in sa mata aljihu irin na sauran.

Ta ce, "Bar shi haka. In ka shigo ka riƙa gaishe mu, ni da shi."

Shekara goma sha ɗaya jakar nan tana rataye a wurin, har Allah ya karɓi abarsa. Ɗinkin bai saki ba, fentin ma bai koɗe ba.